Ruwan Cittar Baba Kafinta

A layin da shagon Baba Kafinta yake, ba a yin atishawa sau biyu a gabansa. Ta farko zai yi maka addu'a ya ci gaba da aikinsa. Ta biyu kuwa sai dai ka ga ya ajiye zarto, ya karkaɗe garin katako daga hannunsa, ya jawo wani tsohon jan fulas daga ƙarƙashin teburin aiki. Ruwan citta ne da lemun tsami, da ɗan zuma idan an samu. Ko kana so ko ba ka so sai ka sha, kuma zai tsaya a kanka har sai ya ga gindin kofi.

A da matarsa ce ke dafawa. Bayan rasuwarta ya daɗe yana ɓata citta kafin hannunsa ya faɗa: yau ruwa ya yi yawa, gobe yaji ya hana haɗiya. Daga baya ya gane kanta. Yakan kankare ɗanyar citta da bayan cokali, ya daddaka ta, ya bar ta ta tafasa a hankali, sai ya sauke tukunya ta ɗan huce kafin ya matsa lemun tsami. Tun daga nan babu ciwon da bai yarda citta za ta iya da shi ba.

Mai kemis ɗin da ke maƙwabtaka da shi tsohon abokinsa ne, kuma abokin gardamarsa. Duk damina, idan mura ta shigo layin, sai sun yi wannan musun.

"Kafinta, mura baƙuwa ce mai ranar tafiya," in ji mai kemis. "Ba ta tashi don an ba ta citta. Ƙwayar cuta ce, jiki ne ke korar ta da kansa idan kwanakinta sun cika."

"To me ya sa kake miƙo kofi?"

"Don yana gasa min maƙogwaro, hancina ya ɗan buɗe in samu in yi numfashi. Sauƙi daban, warkewa daban. Zuba, kada ya huce."

"Ka ji mutum. Yana cin tuwona yana zagin miyata."

"Ban zage ta ba. Na ce dai ba ta kai inda kake kai ta ba."

Baba yana da 'ya'ya uku. Manyan biyu aiki ya kai su nesa, sai waya. Auta ce kaɗai a kusa, tela ce, tana aure a wata unguwa da ba ta fi tafiyar keke ba. Mijinta mai gyaran firiji ne, kowa Dogo yake ce masa, don sai ya sunkuya yake shiga ƙofar shagonsa. Shagon yana ƙasa, su kuma suna zaune a ɗakuna biyu a samansa. Mutum ne mai kunya, ko gaisuwa zai yi da Baba sai gumi ya karyo masa.

Wata safiya Dogo ya zo shagon kafinta, ya gaisa, ya sake gaisawa, ya tsaya yana shafa wata kujera da ba a gama ba.

"Lafiya dai, Dogo?"

"Lafiya lau, Baba. Dama... ko za a ɗan samu ruwan cittar nan?"

Baba ya dube shi daga sama har ƙasa. Ba majina, ba tari. "Mura kake yi?"

"A'a. Ba ni ba ne. Ita ce. Zuciyarta ce ke ɗan tashi da safe." Ya ƙura wa ƙafar kujera ido kamar a can amsar take.

Baba ya gane inda maganar ta dosa. Can sai ya juya baya, ya shiga neman wata guduma da ke riƙe a hannunsa. Da ya juyo idonsa ya kaɗa, bakinsa kuma ya ƙi rufuwa.

"Je ka," ya ce. "Ni zan kawo da kaina."

Tun daga ranar, kowace safiya Baba yakan ɗaure fulas a bayan keke da guntuwar roba, ya bi ta gaban masu wanki, ya tsallaka titi, ya jingine keken a jikin wani mataccen firiji a ƙofar shagon Dogo, ya hau matakala yana nishi. Yakan tarar da Auta a bakin taga inda kekenta na ɗinki yake, ga yadudduka jibge a kan kujera. Ba ya tambayarta komai game da cikin, ita ma ba ta faɗa. Ya zuba mata, ta riƙe kofin da hannu biyu tana kurɓa kaɗan-kaɗan, shi kuma ya duba ƙafar tebur ko marfin kabad, ko da wani abu da ke bukatar ƙusa.

Da ta fara zuwa awo ta tambayi ungozoma ko babu laifi. Ungozoma ta ce mai laulayi tana iya shan citta daidai gwargwado, kamar kan babban yatsa a wuni, a tsinke, a sha a hankali. Ta ce mata da yawa tana rage musu tashin zuciya. Auta ta gaya wa Baba, Baba kuma bai ko sauka daga keke ba ya tsaya a ƙofar kemis.

"Fito ka ji! Asibiti da kanta ta ce a sha!"

Mai kemis ya leƙo da tabarau a karan hanci. "Wannan kam ban musa ba. An gwada ta a kan masu ciki, an ga tana taimaka wa tashin zuciya mai sauƙi. A mura ne muke da rigima."

"Yau dai na kayar da kai."

"Ka kayar da ni rabi."

Kuma gaskiya ta yi wa Auta amfani a farko. Idan ta sha da ɗan busasshen biskit, zuciyarta takan kwanta har ta taka keken ɗinki zuwa azahar. Baba kuwa sai ya koma kamar an rage masa shekaru. Yana goge katako yana 'yar waƙa a maƙoshi.

Daga nan abin ya fara sauya hali. Aman da ake yi da safe ya koma har da rana, har da yamma. Warin man keken ɗinki ya fara damun ta, sai na sabulu, sai na turaren Dogo. Wata rana Baba yana sauka daga matakala ta buɗe fulas ɗin don ta ƙara, tururin yana bugun fuskarta ta ruga bayi. Da ta fito ta zauna a ƙasa ta jingina da bango.

"Injiniya," ta kira mijinta, don haka take tsokanarsa, "citta ta juya min baya."

"To sai a gaya wa Baba ya daina wahala."

"Kada ka soma." Ta ɗago ido da ƙyar. "Ba ka ga yadda yake hawo benen nan ba? Tun da Mama ta rasu ban ga ya yi walwala irin wannan ba. In na ce masa ba na so, kamar na ce masa ya zauna a gida ne."

"To ya za a yi da fulas? Kullum sai ya girgiza shi ya ji ko an shanye."

Ta dube shi. Ya dube ta. Ya gane.

"Haba dai," in ji Dogo.

Haka Dogo ya gaji fulas. Zubarwa ba ta yiwu masa ba, ya ce ba zai iya tuttular da abin da tsoho ya tashi da sassafe ya dafa ba. Idan Baba ya zo, Auta takan karɓi kofi ta kai baki tana riƙe da numfashi, ta ce ya yi zafi, bari ya huce. Baba yana tafiya Dogo ya sauko da fulas shago, ya zauna a tsakanin firijin mutane yana sha yana hura hanci.

Baba ba makaho ba ne. Ya ga kumatun 'yarsa sun faɗa, ya ga yadin da ke kan keke tun makon jiya shi ne dai har yanzu. Sai ya yi lissafi irin nasa: idan ƙusa ɗaya ba ta riƙe ba, a ƙara ta biyu. Ya ninka citta. Ya ƙara lemun tsami. Ya bar tukunya a wuta har ruwan ya yi duhu. Dogo ya fara tafiya da hannu a ƙirji saboda ƙwannafi, yana gyatsa yana neman gafarar masu kawo gyara.

Shi dai Dogo hankalinsa bai kwanta ba. Ya ce su koma asibiti, ta ce ranar awonta ba ta zo ba, kada a je a ce ta cika raki. Matar da ke ɗakin kusa da su, mai 'ya'ya biyar, ta shigo ta duba ta, ta ce ai laulayi ke nan, kowace mace da irin nata, haƙuri ne maganinsa. Dogo bai musa ba don bai taɓa yin ciki ba, amma ya lura ko ruwa ta sha ba ya zama.

Ranar da abin ya fito fili, Baba ya kawo fulas da safe kamar kullum. Dogo ya tare shi a ƙasa ya ce tana barci, ya karɓa. Baba ya koma shago, ya laluba aljihu zai auna katako, babu tef ɗin awo. Ya tuna jiya ya bar shi a kan tagar Auta. Wajen hantsi ya sake hawa keke.

Ya tarar da Dogo zaune a kan wata tukunyar gas, fulas a tsakanin ƙafafunsa, kofi a hannu, hawaye na zuba saboda yaji.

Dogo ya miƙe zumbur har kansa ya bugi fanka, Allah ya sa babu wuta.

"Baba... sannu da zuwa."

"Yawwa. Mura ce ta kama ka?"

"A'a, Baba."

"To kai ne mai laulayin?"

Dogo ya sunkuyar da kai. Ya ajiye kofin a kan firiji. Da ya sake magana, muryarsa ta sauya, kunyar ta tafi.

"Baba, ta fi mako ba ta iya sha. Ko warinsa ba ta so. Ta hana ni faɗa don kada ranka ya ɓaci. Amma ni tsoro nake ji. Tun shekaranjiya ko ruwa ba ya zama a cikinta. Na rasa yadda zan yi da ita, ta ƙi asibiti."

Baba ya wuce shi. Ya hau matakala, wannan karon ko nishin bai tsaya yi ba.

Labule a sake yake, ɗakin duhu-duhu. Auta tana kwance a kan doguwar kujera, ga roba a ƙasa kusa da kanta. Baba ya ɗage labule. A hasken rana ya ga abin da hasken safiya da murmushinta suka riƙa ɓoye masa. Leɓɓanta sun bushe sun tsage. Idanunta sun zurma. Zoben da ke hannunta ya zame har gaɓar yatsa.

"Baba," ta ce, tana ƙoƙarin tashi. "Ai na sha. Yanzu zan ƙara."

"Kwanta, Auta. Na ga mai shan a ƙasa."

Ta rufe fuska da hannu. Kukan ma babu hawaye sosai.

Ya durƙusa a gabanta, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya taɓa goshinta, ya riƙe hannunta, sanyi ƙalau. Akwai tambayar da uba ba ya yi wa 'yarsa, amma Dogo da ke bakin ƙofa ya amsa ta ba a tambaye shi ba.

"Tun jiya da rana ba ta yi fitsari ba, Baba. Na jiyan ma kaɗan ne, ja kamar shayi."

"Ni ba likita ba ne," in ji Baba, "amma wannan ya wuce tukunyata. Tashi mu tafi."

"Baba, ranar awo..."

"Ranar awo ta same mu a can."

Ta yunƙura ta miƙe don ta nuna masa da sauran ƙarfinta. Taku ɗaya ta yi jiri ya kwashe ta. Dogo ya tare ta kafin ta kai ƙasa, ya ɗauke ta cak kamar yarinya. Baba ya riga su sauka, ya tsaya a tsakiyar titi da hannu biyu a sama har wata tasi ta ci birki. A mota ya zauna a gaba, amma duk tafiyar wuyansa a juye yake.

A asibiti ba su jira layi ba. Wata nas ta dubi Auta sau ɗaya ta jawo keken marasa lafiya. Aka auna jininta da bugun zuciya, aka ɗora ta a sikeli, aka ɗebi jini. Neman jijiya ya ba su wuya, don jikin ya bushe, sai a bayan hannu aka samu. Aka rataya ledar ƙarin ruwa, aka yi mata allurar tsayar da amai. Dogo yana ta kai da komo da takardu.

Baba ya zauna a benci a baranda. Bencin yana rawa, ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta. A wata ranar da tuni ya nemi abin da zai saƙa a ƙarƙashi. Yau ya bar shi yana ta rawa da shi.

Bayan wani lokaci likitar ta fito, mace ce mai matsakaicin shekaru, da alamar gajiya a fuska. Dogo ya nuna mata Baba ya ce mahaifinta ne. Baba ya miƙe ya cire hula, abin da bai saba yi ba.

"Likita, tambaya ɗaya gare ni, kuma kada ki ji nauyin furfurata. Ni nake dafa mata citta da lemun tsami kullum. Da na ga tana ramewa na ƙara masa ƙarfi. Ni na jawo mata wannan?"

"Zauna, Baba." Ita ma ta zauna a gefen bencin. "Ba kai ka jawo ba. Laulayi iri biyu ne. Akwai wanda yawancin mata ke yi, zuciya ta tashi, a yi amai jefi-jefi, amma ana ci ana sha. A irin wannan citta tana taimaka wa wasu, mu ma mukan ce a gwada. Ta fi rage tashin zuciyar a kan aman kansa, kuma ba kowa take yi wa aiki ba. Akwai kuma mai tsanani, irin na 'yarka. Shi wannan ciwo ne sosai. Cikin ne ke kawo shi, ba abin da ta ci ko ta sha ba."

"Citta ba ta iya masa?"

"Ba ta iya masa. Jikinta ya rasa ruwa da gishiri, abin da za a ba ta ta baki kuma ba ya zama. Shi ya sa muke bi ta jijiya. Za mu haɗa mata da wani bitamin da jiki ke rasawa idan an daɗe ana amai. Kuma idan maƙogwaro ya riga ya ƙone da amai, citta mai ƙarfi da lemun tsami sai su ƙara ƙwannafi. Da yawa masu irin ciwonta ko warinta ba sa so."

"Mai ƙarfin ba ta sha ba," in ji Dogo a hankali. "Ni na sha."

Likita ta dube shi. "Duka?"

"Kullum fulas guda."

Ta danne dariya da bayan hannu. "To kai ma ka huta da ita, ƙirjinka zai lafa." Ta juya ga Baba. "Abin da ya fi ba ni tsoro ba citta ba ce, jira ne. Duk mai cikin da ta wuni ruwa bai zauna mata ba, ko fitsari ya ragu ya yi duhu, ko jiri na ɗibar ta, ko tana ramewa, ba a jiran ranar awo. Da kun ƙara kwana biyu da maganar ta fi haka tsawo. Amma kun kawo ta, za ta tashi in Allah ya yarda."

"Abin da ke cikin fa?" Baba ya tambaya yana kallon hularsa.

"Gobe za mu yi hoto mu gani. Ka je ka ci abinci, Baba. Kai ma fuskarka ta nuna."

Bai je ba. Ya jira har la'asar, lokacin da aka bar masu dubiya su shiga. Leda ta biyu ce a rataye. Auta ta buɗe ido, leɓɓanta sun ɗan yi laushi. Ya jawo kujera ya zauna.

"Kin mai da ni sakarai, Auta. Ina ta kiwon ƙaton mijinki da zumata."

Ta yi murmushi. "Ka yafe ni, Baba."

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

Ta dubi ɗigon ruwan da ke sauka a leda. "Na ga kana jin daɗin kawowa. Na ce in na ce ba na so, ba za ka ƙara samun dalilin zuwa kullum ba."

"Dalili?" Ya gyara zama. "Yanzu sai na nemi dalili kafin in zo in ga 'yata? Ke da na goya a bayana ina yankan katako, lokacin da uwarki ke kwance da zazzaɓi? Maƙwabta suna min dariya, na ce su yi ta yi."

"Ba ka taɓa ba ni wannan labarin ba."

"Ba abin alfahari ba ne. Kin yi min fitsari a baya."

Ta yi dariya har ta riƙe ciki, nas ta leƙo ta ce a bi a hankali. Baba ya sassauta murya.

"Ni ma da laifina. Na ga kina ramewa, maimakon in tambaye ki sai na tambayi tukunya. Daga yau in abu ya dame ki, ki faɗa min ko zai ɓata min rai. Ran tsoho ya saba ɓaci, ba ya fashewa."

Washegari Dogo ya fito daga ɗakin hoto yana tafiya kamar wanda ya taka wayar wuta. Ya tsaya a gaban Baba ya ɗaga yatsu biyu.

"Biyu me? Kwana biyu za a ƙara?"

"Biyu ne, Baba. A ciki. Duka suna lafiya."

Baba ya zauna a bencin nan mai rawa ba tare da ya duba ba. Likita da ke wucewa ta ce ai masu tagwaye sun fi yawan haɗuwa da irin wannan laulayin. Baba ya girgiza kai ya ce, "Ashe mutum biyu nake faɗa da su da fulas ɗaya."

Bayan 'yan kwanaki aka sallame ta da magungunan da za ta ci gaba da sha, aka ce ta riƙa ci kaɗan-kaɗan, kuma ta dawo da zarar ruwa ya sake ƙin zama. Sau ɗaya hakan ta faru, Dogo bai tsaya shawara da kowa ba, suka je aka ƙara mata ruwa suka dawo a ranar. Sai da cikin ya kusa wata biyar aman ya sake ta. Citta kuwa har ta haihu ba ta yarda an shigo da ita gidan ba. Baba yakan wanke hannu da sabulu marar ƙamshi kafin ya hau matakala, don ta ce tana jin warinta a yatsunsa.

A layin shago fulas bai yi ritaya ba, sai dai yanzu da tambaya yake fitowa. Da wani mai walda na layin ya zo yana tari ya miƙo kofi, Baba ya riƙe marfin ya ce, "Tun yaushe?" Mai walda ya ce an fi mako, ga zazzaɓi, kuma ƙirjinsa na suka idan ya ja numfashi. Baba ya zuba masa rabin kofi don maƙogwaro, ya tsaya a kansa ya shanye, sannan ya rufe masa shago da hannunsa ya tura shi asibiti. Ciwon huhu aka samu, aka ɗora shi a kan magani.

Wata ranar hutu da rana Baba ya zo gidan Auta da fensir a bayan kunne. Ya tarar da ita zaune ta miƙe ƙafa a kan matashi, da farantin shinkafa a cinya, tana ci kamar mai ramuwa. Ya wuce ɗakin kwana ya auna bango, ya auna tsakanin gado da taga, yana rubutawa a tafin hannunsa. Dogo yana riƙe masa bakin tef.

"Gado ɗaya mai faɗi zan yi musu," in ji Baba, "da allo a tsakiya da za a iya zarewa. Katakon yana nan na ajiye, ya bushe sarai."

"Baba," in ji Dogo, yana sosa ƙeya, "in ya kai faɗin nan, anya zai bi ta matakala?"

"Kai da kake hawo da firiji?"

"Firiji a tsaye yake hawa."

Baba ya fita ya auna matakala. Ya auna kwanar da take juyawa. Ya dawo yana tsaki.

"Wanda ya gina benen nan bai yi niyyar haihuwa ba."

"Sai a haɗa shi a nan sama," Auta ta ce daga falo, bakinta cike. "Ka kawo shi gunduwa-gunduwa."

"Zai ɗauke ni kwanaki. Ga ƙarar guduma, ga ƙura."

"Na ji. Ni dai kada ka shafa masa fenti mai wari."

Baba ya goge lissafin da ke tafin hannunsa da babban yatsa ya fara sabo. Ya ce wa Dogo ya matsar da kabad ɗin can, ya kuma riƙe tef ɗin da kyau, don tun ɗazu a karkace yake riƙe da shi.